Shugabata tana sa karan ɗori yau, gobe ta cire: ko dai ni ce ba ta so?

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na fara aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna, kuma ni nake rubuta yawancin saƙonnin imel na sashenmu da Turanci. Shugabar sashen ba ta barin saƙona ya wuce ba ta taɓa shi ba. Na rubuta *long term plan*, ta sa karan ɗori a tsakiya. Mako na zagayowa na rubuta *in the long-term*, ta cire shi. Na rubuta *5 days*, ta mayar *five days*. Na rubuta *twenty five participants*, ta mayar *25*. Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne da na aika wa mai kula da shirye-shiryenmu *Please arrange 3 day workshops*, ina nufin bita ta kwana uku a jere, shi kuma ya kama ɗaki sau uku a ranaku daban-daban. Ta gyara mini a saƙon da kowa a sashen ya gani. Yanzu nakan yi rabin awa a kan layi huɗu, hannuna na rawa. Ina da digirina, ban taɓa faɗuwa Turanci ba. Akwai ƙa'ida kuwa, ko tsangwama ce kawai? In yi mata magana, ko in yi shiru?

'Yar'uwarku daga Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gyara a gaban mutane yana da ciwo, musamman ga wadda ba ta daɗe da zuwa wuri ba, tana son a ga ƙwazonta. Ba ki yi laifi ba da abin ya dame ki. Sai dai na duba gyare-gyaren nan ɗaya bayan ɗaya, kuma labarin da zan ba ki mai daɗi ne: ba sa karo da juna. Biyu na farko ƙa'ida ɗaya ce, biyu na gaba ma ƙa'ida ɗaya ce. Wannan ya nuna shugabarki tana bin wani tsari, ba ta dai taɓa zaunar da ke ta faɗa miki shi ba. Tsarin kuwa bai wuce abin da za ki riƙe a yini guda ba.

Mu fara da karan ɗori, don shi ne ya jawo asarar ɗakin taro. Ki tuna yadda muke yi a Hausa. Idan muka ce "bita ta kwana uku", wannan "ta" ɗin ita ce ta ɗaure kwana ukun a jikin bitar. Idan bitar ce guda uku, sai mu ce "bita uku ta kwana ɗaya-ɗaya". Harshenmu ba ya barin mai sauraro cikin shakka. Turanci kuwa jera kalmomi yake yi a gaban suna, ɗaya na bin ɗaya, babu "na" babu "ta". A baki, murya ce take nuna waɗanne kalmomi ne suka haɗu. A rubuce babu murya, sai aka ba karan ɗori wannan aikin. Kin san shi a rubutunmu, a irin su fasa-ƙwauri da ci-ma-zaune, inda yake cewa kalmomin nan sun dunƙule sun zama abu ɗaya. To haka yake yi a can.

Ƙa'idar ita ce: idan kalmomi biyu ko fiye suka haɗu suka yi aikin sifa guda ɗaya, kuma suka zo daf kafin sunan da suke siffantawa, sai a ɗaure su. A *long-term plan*, sunan shi ne *plan*. Ba dogon shiri ake nufi ba, zangon ne mai tsawo, don haka *long* da *term* dole su riƙe hannun juna kafin su isa ga *plan*. Amma a *in the long term* babu wani suna a bayansu da ake siffantawa. *Term* ɗin shi ne sunan da kansa, *long* kuma sifarsa ce kamar kowace sifa, kamar yadda ba ki sa komai tsakanin *long* da *road*. Kin ga dalilin da ya sa ta sa a wancan mako, ta cire a wannan.

Ga hanyar gwaji da za ki iya yi cikin daƙiƙa kaɗan. Ki dubi abin da ke bayan kalmomin biyu. In suna ne, ki cire kalma ta biyu ki ga ko ma'anar da kike so ta tsira. *Long plan* ba shi ne nufinki ba, saboda haka kalmomin suna buƙatar juna, sai ki ɗaure. Amma *new annual report* idan kin cire *annual* ya zama *new report*, kuma gaskiya rahoton sabo ne, kowace sifa tana tsaye da ƙafarta, babu karan ɗori. In kuwa babu suna a baya, kalmomin sun zo ne bayan aikatau, yawanci a buɗe ake barinsu. Shi ya sa ake rubuta *an up-to-date list* amma *the list is up to date*, haka nan *a well-known supplier* amma *the supplier is well known*. Akwai wuri ɗaya da za ki ga saɓani ko a tsakanin ƙwararru, wato irin *the plan is long term*. Wasu suna barin karan ɗorin saboda ƙamus ya kawo kalmar a ɗaure, wasu suna cirewa. Duk wanda shugabarki ta zaɓa ki bi, kada ki ɓata ranki a kansa.

Yanzu saƙon bitar. Abokin aikinki bai yi wauta ba, abin da ke rubuce ya karanta. Ya ga *3*, ya ga *workshops* da harafin jam'i a ƙarshe, sai ya ɗora ukun a kan bitar. Da kin rubuta *a three-day workshop*, karan ɗorin ya kama ukun ya manna shi da kwana, ƙaramar *a* ɗin nan kuma ta tabbatar masa bita ɗaya ce. Da abin da ya fahimta kike nufi, daidai shi ne *three one-day workshops*. Ki lura da wani abu a nan da yake kayar da mutane da yawa: da zarar lamba ta ɗauru da suna suka zama sifa, sunan tilo yake zama. Ana cewa *three days*, amma *a three-day workshop*, ba *three-days workshop* ba. Haka *a two-year contract*, haka *a 10-page report*. Akwai wata siga daban da take barin jam'in amma ta ƙara masa alamar mallaka, ita ce *two weeks' notice*, kuma ita ba ta ɗaukar karan ɗori ko kaɗan. Mutane kan cakuɗa su biyun su rubuta *two-weeks notice*, wanda bai dace da ko ɗaya ba.

Da kin fara jin daɗin ƙa'idar nan hannunki zai so ya sa karan ɗori a ko'ina, to ga inda za ki ja birki. Bayanau mai ƙarewa da *-ly* ba a ɗaure shi: *a highly qualified candidate*, *a newly opened office*. Dalili shi ne irin wannan kalmar ba ta siffanta suna, kowa ya san kalmar da ke biye da ita take yi wa hidima, babu ruɗanin da za a kawar. *Very* ma haka take. Amma ki kula, ba duk kalmar da ta ƙare da waɗannan haruffa biyu ce bayanau ba. *Family* suna ne, don haka *a family-owned company* yana da karan ɗorinsa. Wuri na biyu shi ne sunayen da suka riga suka zauna tare har kowa ya saba ganinsu a haka, irin *income tax form* ko *civil service rules*. Ba wanda zai yi tuntuɓe a kansu, sai a bar su.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da za su riƙa fito miki kusan kullum a ofis. *Follow up* idan aikatau ne a rabe yake, *I will follow up tomorrow*, idan kuma sifa ce ko suna sai ya ɗauru, *a follow-up meeting*. Sannan idan sifofi biyu suna raba kalmar ƙarshe ɗaya, ana barin karan ɗorin na farko a rataye, da fili bayansa: *short- and long-term goals*. Ban da wannan ratayayyen, karan ɗori ba ya son fili a gabansa ko a bayansa. Kuma kada ki dogara da jan layin da kwamfuta take ja a ƙarƙashin kuskure. Sau da yawa ba za ta ce komai ba, don *long* daidai aka rubuta shi, *term* ma daidai, ita kuma ba ta san abin da ke ranki ba.

Batun lambobi daban ne, kuma a nan nake so ki sauke nauyin da kika ɗora wa kanki. Karan ɗori yakan canza ma'ana. Amma *5 days* da *five days* ma'anarsu ɗaya, babu wanda ya saɓa wa nahawu. Zaɓi ne na gida, kowace ma'aikata da nata. Kamfanin dillancin labarai na AP a Amurka yana rubuta ɗaya zuwa tara da kalmomi, daga 10 zuwa sama da alƙaluma. Tsarin maɗaba'ar Jami'ar Chicago, wanda masu buga littattafai suka fi bi, yana rubutawa da kalmomi har zuwa ɗari. Shafukan intanet na gwamnatin Birtaniya kuwa suna sa alƙaluma tun daga 2, saboda mai karatu a allo ido yake wurgawa, kuma lamba ta fi saurin kama ido. Duk waɗannan masana ne, kuma ba su daidaita ba. Da kika rubuta *5 days*, da a wancan ofishi na Birtaniya kike, ba mai taɓa miki. Daga gyaran da shugabarki take yi, biyar da kalma, 25 da alƙaluma, a fili yake tana bin tsarin nan na farko. Abu ɗaya ya rage ki tambaya: goma fa? Wasu gidajen suna tsayawa a tara, wasu suna haɗawa da goma.

Ko da wane tsari aka ɗauka, akwai wuraren da ya kamata saƙon aiki ya zo da alƙaluma komai ƙanƙantar lambar, domin su ne abin da mai karatu zai dawo nema ko ya kwafa: kuɗi, kwanan wata, lokacin agogo, kaso cikin ɗari, awo, da lambar shafi ko ɗaki. Ki rubuta *₦5,000* da *5%* da *5 kg* da *page 5* da *9 a.m.* Kuɗi mai yawa ya fi karantuwa idan an gauraya, *₦2.5 million*, domin ido yakan ɓata wajen ƙirga sifili. Idan kuwa adadi ne da za a biya daidai-wa-daida, ki rubuta shi cikakke da waƙafinsa, *₦2,487,500*. A kwanan wata ki rubuta sunan watan. *03/04* a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke huɗu ga Maris, kuma ƙungiyoyi irin taku sukan yi hulɗa da masu ba da tallafi daga can. Ƙarfe sha biyu ma yana da tarko, don mutane sukan rikice tsakanin *12 a.m.* da *12 p.m.*, ki rubuta *12 noon* ki huta. In kuna musayar saƙo da abokan aiki a Maraɗi ko Yamai, ki tuna tsarin Faransanci waƙafi yake sawa inda muke sa ɗigo, dubbai kuma fili yake raba su. Wanda ya saba da wannan zai iya karanta *2,500* a matsayin biyu da rabi.

Sauran ƙa'idojin lamba ba su da yawa. Ba a fara jimla da alƙaluma, sai a rubuta *Twenty-five participants attended*, ko a juya jimlar lambar ta koma ciki, wanda shi ya fi sauƙi idan lambar doguwa ce. Kin ga a nan ma karan ɗori ya dawo: daga *twenty-one* zuwa *ninety-nine*, duk lambar da ta haɗa goma-goma da ɗaiɗai ana ɗaure ta. Idan abubuwa iri ɗaya suka zo a jimla ɗaya, wani ƙasa da goma wani sama, da yawa sukan daidaita su duka da alƙaluma, *8 laptops and 15 chairs*, don a iya kwatanta su da kallo ɗaya. Idan lambobi biyu suka yi karo kai da kai, wasu sukan rubuta ɗaya da kalma ɗaya da alƙalami, *two 3-day workshops*.

Akwai kuma al'adar nan ta ofisoshinmu ta rubuta lamba da kalma sannan a maimaita ta da alƙaluma a cikin baka. Asalinta takardun kuɗi ne da na yarjejeniya, inda ake tsoron wani ya ƙara sifili da biro, kamar yadda ake yi a cakin banki. A can tana da amfani. A saƙon da kike neman kujeru biyu kuwa nauyi kawai take ƙarawa, kuma tana buɗe ƙofar kuskure, don ranar da kika gyara ɗaya kika manta ɗayan, mai karatu bai san wanne zai bi ba.

Bari mu sake gina saƙon naki, a ce mutum 25 ne za su zo, daga 14 zuwa 16 ga Afrilu:

```
Please arrange a three-day workshop for 25 new staff
from 14 to 16 April, starting at 9 a.m. each day.
The budget is ₦1.2 million. We will hold two
follow-up meetings on the long-term plan in May.
```

Ki duba abin da ya kare saƙon nan. Karan ɗorin ya yi aikinsa a wurare uku, amma kwanan watan ya ƙara masa kariya: ko da an manta da alamar, wanda ya ga 14 zuwa 16 ya san kwana uku ne a jere. Wannan dabara ce da nake so ki riƙe. Duk inda kuɗi ko lokacin mutane ya rataya a kan ɗan layi guda, ki faɗi abin ta hanya ta biyu. Kuma idan kin yi shakkar yadda za ki ɗaure, ki kwance jimlar gaba ɗaya kamar yadda za ki faɗe ta da Hausa, *a workshop that will last three days*. Ta ɗan fi tsawo, amma ba ta da ma'ana biyu.

Sai maganar ki da shugabarki. Ki yi mata magana, shiru ba zai raba ku da wannan ba. Amma ki fara duba abin daga inda take zaune. Saƙon da ya fita daga sashen ita ake tambaya a kansa, kuma a batun bitar an kashe kuɗi ko lokaci, wataƙila ita ma an kira ta an yi mata magana. Mai yiwuwa ta aika wa kowa ne don duk wanda ya karanta saƙon farko ya san ranakun sun canza, ba don ta kunyata ki ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk da haka tana da nata gefen: wata bakwai tana gyara abu ɗaya ba ta faɗi dalilinsa ba, kuma ana iya sanar da kowa sabuwar rana ba tare da an nuna yatsa ga wadda ta yi kuskuren ba. Ba dole ki yi kamar hakan bai faru ba.

Kafin ki shiga wurinta, ki buɗe saƙonni goma na baya da ita kanta ta aika wa manya ko masu tallafi, ki kwafo yadda take rubuta lambobi, kuɗi, kwanan wata, da kalmomin da kuke yawan ɗaurewa a aikinku. Ki haɗa su a shafi ɗaya, kada ya wuce. Sannan ki same ta lokacin da take ita kaɗai, ki ce: "Hajiya, na tattara gyare-gyaren da kike yi mini don in daina maimaita su. Don Allah ki duba ko na fahimta daidai, musamman goma, da kalma kike so ko da lamba?" Wannan maganar ba ƙorafi a cikinta, kuma tana nuna mata kin ɗauki abin da muhimmanci. Bayan ta duba, sai ki ƙara a hankali: "In kin ga kuskure nan gaba, zan ji daɗi ki turo mini ni kaɗai, in gyara in sake aikawa da kaina." In fuska da fuska ya yi miki nauyi, ki tura mata shafin ta imel da waɗannan kalmomin. In kuma ƙungiyarku tana da nata littafin salon rubutu, sashen yaɗa labarai ne wurin tambaya, kuma abin da ke ciki shi zai raba gardama har da ita.

Game da abokin aikinki mai shirye-shirye, kalma ɗaya ta wadatar: ki ce masa saƙon ne bai fito sarai ba, kuma in ya sake ganin lamba mai fuska biyu ya kira ki kafin ya biya kuɗi.

Rabin awar nan kuma ki rage ta haka. Ki rubuta saƙon gaba ɗaya ba tsayawa. Ki karanta sau ɗaya kina duban lambobi kaɗai, ki tabbatar kowane kuɗi da kwanan wata daidai yake, don kuskure a nan ya fi kowanne tsada. Ki sake karantawa kina duban sunaye, duk inda kika ga kalmomi biyu sun tsaya a gaban suna ki yi gwajin cire ta biyun. Saƙo mai layi huɗu ba zai ci miki minti biyu ba. Wanda za ki tura wa abokiyar aiki kina tambayar ko ta ga fayil, wannan ba ya buƙatar komai, ki aika kawai.

Ki ba abin wata guda bayan kun yi magana. Idan gyaran ya ragu ya koma tsakaninku, an gama. Idan kuwa kina bin shafin da ta amince da shi amma ta ci gaba da juya abin da ita ta zaɓa, ko tana yi miki a bainar jama'a alhali wasu suna irin kuskuren ana ƙyale su, to maganar ta bar karan ɗori. A lokacin ki ajiye saƙonnin da ranakunsu, ki sake zama da ita da su a hannu, in bai yi ba ki nemi jami'in kula da ma'aikata. Ki rubuto mini yadda ta kasance. Allah ya ba ki sa'a, ya sanya albarka a aikin.